Intanet ya yanke ana tsaka da aiki: me za a faɗa wa manaja?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Daga gida nake wa wani kamfani da ke Landan aiki, a sashen amsa koken masu sayayya, ina zaune a Kano. Ranar Talata intanet ya ɗauke mini tun 10:40 na safe bai dawo ba sai 2:15. Na rasa mitin, saƙonni sun taru, kuma karo na biyu ke nan a wata ɗaya. Yanzu manajana ya ce in aiko masa da bayani a rubuce. Me zan rubuta ya gamsu, ba tare da ya ga kamar uzurin ƙarya nake kawowa ba?

Amsa: Sannu ƙanwata, Allah ya kyauta. Ina kula da ma'aikata masu aiki daga gida, kuma kafin nan na yi aikin haɗa intanet a ofisoshi, don haka zan gaya miki abin da mai karanta takardarki zai nema a ciki. Ya san intanet na yankewa, har a can ƙasarsu. Abin da ya dame shi shi ne awa uku da rabi bai ji daga gare ki ba, bai san ko ya miƙa wa wani aikinki ko ya jira ba. Shirun nan shi ne abin da za ki amsa. Idan kika cika takardar da labarin lalacewar sabis a Najeriya kika tsallake shirun, zai karanta ya ce har yanzu ba ta gane ba.

Amma kafin ki rubuta komai, ki tabbatar wa kanki me ya lalace ranar Talatar. "Babu netwok" magana ce da ke rufe matsaloli daban-daban, kuma kowacce da nata maganin. Tsakanin kwamfutarki da manhajar kamfanin akwai matakai: kwamfuta zuwa rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, rauta zuwa ƙarfen sabis na unguwarku, ƙarfen zuwa wayar faiba da ke ɗauko sabis zuwa gari, daga nan zuwa wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, sannan a ƙarshe ƙofar kamfanin naku, wato VPN ɗinsu idan da shi kuke shiga. Minti biyu ya isa a gano matakin da ya tsaya. A Windows sai ki buɗe Command Prompt, ki rubuta `ipconfig`, ki duba lambar da ke gaban Default Gateway. Ita ce adireshin rautarki, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Sai ki gwada waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
ping 192.168.8.1
ping -n 20 8.8.8.8
nslookup google.com
```

A layin farko ki sa lambar da taki kwamfutar ta nuna. Idan shi ma ya ƙi amsawa, matsalar tana cikin ɗakinki: rauta ta mutu, ko ta yi zafi ta sandare, ko kwamfutar ta saki Wi-Fi. Idan na farko ya amsa amma na biyu yana ta rubuta Request timed out, to rauta lafiyarta ƙalau, hanyar fita ce ta toshe. A nan kafin ki zargi kamfanin waya ki danna `*323#` ki ga ko data ce ta ƙare, domin na sha ganin wanda ya yini yana tsine wa sabis alhali kwamfutarsa ce ta sabunta kanta cikin dare ta cinye masa data. Idan na biyu ya amsa amma na uku ya gaza, intanet na nan, abin da ke fassara sunan shafi zuwa lamba, wato DNS, shi ne ya samu matsala, kuma ana gyara wannan da sauya DNS zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Idan kuwa dukkan ukun sun amsa amma manhajar aiki ta ƙi buɗewa, mai yiwuwa matsalar daga ɓangaren kamfanin naku take, kuma sashen fasaharsu ya kamata ya ji nan take.

Akwai wani hali na tsaka-tsaki da ya fi yankewar wahalar bayani. Waya tana nuna 4G da sanda cike, WhatsApp yana shiga jifa-jifa, amma mitin ba ya tsayawa. Gwaji na biyun nan zai nuna miki dalili, domin a ƙarshe yana faɗin kashi nawa cikin ɗari na saƙonnin gwajin suka ɓace a hanya. Idan daga cikin 20 guda 6 ba su dawo ba, ko lokacin amsar yana tsalle daga milisakan 80 zuwa 900, murya za ta riƙa kakkatsewa ko da alamar sabis ta cika. Sandunan da ke saman waya suna nuna kusancinki da ƙarfe ne kawai, ba sa nuna ko ƙarfen kansa yana da hanyar fita. Wannan ya kamata ki sani, saboda manaja na iya cewa ai ya gan ki a WhatsApp a lokacin, kuma amsarki ita ce ɗan gajeren rubutu na iya ratsa layin da ba zai ɗauki murya ko VPN ba.

Talata ta wuce, ba za ki iya komawa ki yi gwajin ba, amma akwai shaidar da ta rage. Shafin rauta, wanda ake buɗewa da waccan lambar a burauza, yakan nuna tun yaushe aka haɗu da layi, wasu ma suna ajiye tarihin yankewa. Kamfanin waya wani lokaci yana turo tes na ban haƙuri ko ya sa sanarwa a shafinsa. Ki kira 300, layin kula da masu hulɗa na dukkan kamfanonin waya a Najeriya, ki shigar da koke, ki karɓi lambar koken. Idan ba su yi komai ba akwai 622 na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa. Lambar koken nan ta fi hoton allo goma ƙarfi, domin kowa na iya kashe Wi-Fi ya ɗauki hoton shafin da ya ƙi buɗewa, kuma manajoji sun san haka. Ki tambayi maƙwabta masu irin layinki ma. Idan nasu bai yanke ba, ki koma ki binciki kayanki da kyau kafin ki rubuta cewa laifin kamfanin waya ne.

Ina jaddada wannan ne saboda ƙa'idar da nake bi: a rubuta iya abin da aka tabbatar. Idan abin da kika sani shi ne rauta tana kunne amma babu hanyar fita, nan za ki tsaya. Kada ki ce an yanke wayar faiba don kawai kin ji ana cewa masu aikin titi suna yawan tsinka ta, duk da cewa hakan na faruwa sosai. Manyan katsewa ba sa ɓuya. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kot Dibuwa, Najeriya da Ghana da Laberiya da wasu ƙasashe duk sun ji a jika, har bankuna suka rikice, kuma masu bibiyar intanet irin su NetBlocks da Cloudflare Radar sun nuna faɗuwar a fili. Haka a ƙarshen Oktoba 2024 da yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako babu wuta bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. A irin waɗannan ranakun mahaɗin labari guda ya wadatar. Amma idan kika jingina matsalar unguwarku da babban abu irin wannan, manaja ya duba bai ga komai ba, daga ranar duk abin da kika faɗa sai ya auna shi sau biyu.

To, takardar kanta. Gajeriya za ki yi ta, kada ta wuce abin da mutum zai karanta a waya ba tare da ya ja allo sau biyu ba. Za ki rubuta da Turanci tunda shi kuke aiki da shi, amma ga ma'anar abin da zan so in gani idan ni ne manajan, na ɗauka layinki ɗaya ne kuma kin tarar da saƙonni 14 suna jira. Ki sa naki adadin na gaskiya:

"Ranar Talata ban samu intanet ba daga 10:40 na safe zuwa 2:15 na rana agogon Najeriya. Rautata tana kunne kuma akwai data, amma layin kamfanin wayar bai fita ba; na shigar da koke, ga lambarsa. Na rasa mitin na ƙarfe 11, kuma saƙonni 14 sun jira fiye da lokacin da aka ƙayyade. Na amsa dukkansu kafin 5 na yamma, na kuma karanta bayanan mitin. Ya kamata in sanar da kai ta tes ko kira tun a mintunan farko, ban yi ba, wannan daga gare ni ne. Daga yau ina da layi na biyu na wani kamfani dabam wanda na gwada da VPN ɗinmu, kuma duk yankewar da ta kai minti 10 za ka samu tes daga gare ni. Zan rama awa uku da rabin nan ranar Alhamis da Juma'a, idan hakan ya yi maka."

Ki lura da "agogon Najeriya". Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan ɗaya yake da namu, sauran watannin kuma suna bayanmu da awa ɗaya. Idan kika rubuta 10:40 kawai a watan Janairu, shi ya duba rajistar manhaja ya ga kin ɓace 9:40, zai zaci kin rage awa guda, alhali gaskiya kika faɗa. Kuma lokacin da za ki rubuta ya zama wanda manhajar ta nuna. Kusan duk manhajojin amsa koke suna ajiye lokacin shiga da fita na kowane ma'aikaci, kuma mai yiwuwa ya riga ya buɗe naki kafin ya nemi bayani. Idan ainihin ɓacewarki ta fara 10:25 ne saboda kin tashi shan shayi kafin layin ya yanke, 10:25 za ki rubuta.

Ban haƙuri sau ɗaya ya isa, kuma a kan shirun za ki ba da shi. Mu mun saba da maimaita "a yi haƙuri, a taimaka, a rufa asiri", a wajenmu ladabi ne. Bature mai kula da jadawali idan ya ga takarda cike da roƙo babu adadi babu mataki, sai ya ɗauka mutum bai da shiri. Haka kuma kada ki yi alƙawarin cewa ba zai sake faruwa ba. Zai sake, ke da ni mun sani, kuma ranar da ya sake wannan jimlar za a tuna miki. Abin da ke hannunki shi ne minti nawa za ki ɗauka kafin ki sanar, da minti nawa kafin ki koma layi na biyu. A kan waɗannan biyun za ki yi alƙawari.

Maganar tes ɗin nan kada ki raina ta. Sau da yawa data na ɗaukewa amma kira da tes suna tafiya, domin waya na iya sauka zuwa 2G ta aika rubutu. Sai dai yawancin masu aiki daga gida ba su da lambar wayar manajansu. Duk hulɗarsu a cikin Slack ko Teams take, idan intanet ya tafi hanyar magana ta tafi da shi. Don haka a wannan takardar ki nemi lambar da za ki riƙa tura tes, ki ajiye ta a waya da +44 ɗinta, ki kuma bar ɗan kati a layin domin tes na ƙasar waje ba ya fita da data. Idan ba ya son ba da lambarsa, ki nemi abokiyar aiki guda da za ki kira ta sa miki sanarwa a zauren aikinku. Saƙon farko ba ya buƙatar dalili. Ya isa ki ce intanet ya yanke ƙarfe kaza, kina komawa layi na biyu, za ki sake magana nan da minti 20, kuma akwai aiki kaza mai gaggawa da ya kamata wani ya riƙe. Idan minti 20 ɗin ya cika ki sake magana ko da babu abin da ya canza. Wannan saƙo na biyu shi ne wanda mutane suka fi mantawa, kuma da shi manaja ke gane cewa kina kan matsalar.

Yanzu layi na biyun, inda nake ganin an fi yin kuskure. Mutum ya sayi sim na wani kamfani ya jefa a aljihu ya ce ya yi tanadi. Ranar da ake buƙata sai a tarar datar ta ƙare wa'adi, ko an rufe layin saboda lambar NIN ko daɗewa ba a yi amfani da shi ba, ko a ɗakin da ake aikin ba ya kamawa sai an fita tsakar gida. Tanadin da ba a gwada ba kamar tayar safaya ce da ba a duba iskarta ba. Ki ware rabin yini guda a mako ki yi aikinki gaba ɗaya a kan layi na biyu ta `Hotspot` na waya, da VPN da mitin da komai, don ki san yana ɗauka.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba: a Najeriya yawancin ƙarafan sabis ba na kamfanonin waya ba ne, na kamfanonin haya ne irin su IHS, kuma ƙarfe ɗaya na iya ɗauke da na'urorin kamfani biyu ko uku. Idan janaretan wurin ya tsaya ko dizal ya ƙare, layukanki biyu na iya mutuwa a minti ɗaya duk da sunayensu daban. Za ki gane haka idan kin lura suna yawan ɗaukewa tare. Maganinsa shi ne tanadi na uku ya zama wuri: gidan 'yar'uwa a wata unguwa mai nisa, ko cibiyar da ake biyan kuɗin zama a yi aiki, inda za ki isa cikin rabin awa a adaidaita. Ki tambayi kamfaninku tun yanzu ko sun yarda a buɗe bayanan masu sayayya a wajen gida, saboda wasu sun hana, kuma karya wannan dokar ya fi rasa mitin nauyi nesa ba kusa ba. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, shi ne hanyar da ba ta bi ta ƙarfen unguwa, amma da tsada, yana shan wuta fiye da rauta ninkin ba ninkin, kuma ruwan sama mai ƙarfi na katse shi na ɗan lokaci. Ba zan ce ki saya ba sai albashin ya ɗauka ko kamfanin zai taimaka da kuɗin, kuma tambayar ko suna da alawus na intanet ba abin kunya ba ne.

Ki duba wuta ma, domin da yawa daga abin da ake kira yankewar intanet ɗaukewar nefa ce. Ƙaramar rauta tana shan kusan wat 10. Fawa bank mai 20,000mAh yana ɗauke da kimanin wat-awa 74 a rubuce, abin da ake samu a aikace bai fi 55 zuwa 60 ba, wato zai riƙe rauta awa biyar zuwa shida. Sai dai yawancin rautocin gida bolt 12 suke so, USB kuma 5 yake bayarwa, don haka sai an haɗa da wayar da ke ɗaga ƙarfin ko a sayi ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa musamman don wannan. Kwamfuta kuwa tana shan wat 30 zuwa 45, wannan fawa bank ɗin ba zai kai ta awa biyu ba. Idan aikinki awa takwas ne kuma unguwarku na yini babu wuta, lissafin ya nuna sai inbata ko sola.

Idan layi ya yi rauni bai mutu ba, a mitin ki kashe bidiyo. Murya kaɗai a Zoom ba ta kai 100 kbps ba, kusan mega 40 a awa, bidiyo kuwa yana neman daga 600 kbps zuwa sama a kowane ɓangare. Layin da ya gaza ɗaukar hoto sau da yawa yana ɗaukar murya lafiya. Ki shiga daga waya idan kwamfutar ta ƙi, ki rubuta a akwatin hira cewa layinki ya yi rauni kina saurare.

Batun "karo na biyu a wata" kada ki ɓoye shi, shi ma yana ƙirgawa. Ki ambace shi da kanki a layi ɗaya, ki ce ganin ya maimaita ne ya sa kika ɗauki waɗannan matakan. Daga nan ki buɗe ɗan littafi ko fayil da za ki riƙa rubuta ranar kowace yankewa, lokacin farawa da ƙarewa, layin da ya yanke, da lokacin da kika sanar. Bayan wata biyu za ki ga ko matsalar tana bin wani lokaci ne, misali da rana tsaka idan rauta ta yi zafi a taga, ko da yamma idan unguwa ta cika da masu amfani da layi. Na farko maganinsa sauya wa rauta wuri, na biyu sauya kamfani ko neman a matsar da awanninki.

Sai maganar rama awanni. Ki duba yarjejeniyar aikinki. Idan da awa ake biyanki kuma akwai manhajar ƙirga lokaci, kada ki shigar da awannin da ba ki yi ba da sunan ai kina zaune kina jira; ki tambaye shi ko a cire su ko ki rama. Idan albashin wata ne, tayin ramawa ya wadatar, amma ki faɗi rana da lokaci kamar yadda na nuna. Kuma ki tura takardar yau, kafin ya tashi daga aiki, bayan kin gwada layi na biyun da gaske, domin jimlar da ke cewa "na gwada shi da VPN ɗinmu" sai ta zama gaskiya kafin ki danna turawa.